Kibod ɗin Hausa a Android: yadda ƙugiya za ta fito, da yadda zai koyi kalmominmu

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Taimako nake nema a kan wayata, Android ce. Hausa nake koyarwa a sakandare, kuma yawancin aikin gida ta WhatsApp nake tura wa ɗalibai. Duk ɓ da ɗ da ƙ da kuke gani a saƙon nan kwafo su nake yi daga wani tsohon rubutu da na ajiye a waya, in liƙa su ɗaya bayan ɗaya. Ba zai yiwu in ce wa yaro ya sa ƙugiya a jarrabawa ba, alhali saƙon malaminsa babu ita. Abu na biyu, kibod ɗin da ya zo da wayar yana canja min kalmomi. In na rubuta "ina" sai ya raba ta biyu, sunayen garuruwa kuwa sai abin da ya ga dama. Yaya zan yi haruffan su fito, kuma ya daina taɓa min rubutu?

Sadiya Zariya: Wa alaikumus salam Malam. Ka shiga saitin waya wajen harsuna, ka mayar da wayar gaba ɗaya Hausa. Haka na yi wa mahaifiyata, yanzu komai da Hausa take gani.

Auwalu Mai Gyaran Waya: Anti Sadiya, wannan daban, abin da Malam yake nema daban. Harshen waya shi ne abin da za ka karanta a jikin saituna. Harshen kibod shi ne abin da za ka rubuta da shi. Wayarka za ta iya zama da Turanci ko Faransanci, kibod ɗinta kuma yana Hausa, babu abin da ya haɗa su.

Malam, ranka ya daɗe, fara duba wane kibod ne a wayar. Buɗe WhatsApp kamar za ka yi rubutu, ka danna waƙafi ka riƙe, za ka ga alamar saiti ta fito, ka shiga. In abin da ya buɗe yana ɗauke da Languages a farko, sai Preferences, sai su Text correction da Dictionary a ƙasa, to Gboard ne, ka huta. In ba shi ba ne, sauke Gboard daga Play Store, ka buɗe shi, zai nuna maka yadda za ka kunna shi ka kuma zaɓe shi ya zama shi ne na kullum.

Daga nan hanyar gajera ce: Languages, sai Add keyboard, ka rubuta Hausa a wajen bincike, ka zaɓa, zai nuna maka tsarin maɓallai, ka taɓa Done. Ka kunna data lokacin da kake yi, saboda yana sauke ƙamus ɗin harshen. In ka koma wajen rubutu, danna dogon maɓallin tazara ka riƙe, jerin harsunanka zai fito, ka zaɓi Hausa. Sunan harshen da kake kai yana rubuce a jikin dogon maɓallin nan. Sai ka danna k ka riƙe, ƙ za ta fito a samansa, ka ja yatsa kanta ka saki. Haka b, haka d, haka y.

Malam Habu: Alhamdu lillahi, sun fito. Ashe Gboard ɗin yana cikin wayar, ba shi aka kunna ba. Ƙ, ɗ, ɓ, ga su nan da hannuna. To manyan baƙaƙe fa? Wannan ta farkon jimla ita ta zo da kanta. In ina tsakiyar jimla ina son rubuta Ɓatagarawa?

Auwalu Mai Gyaran Waya: Taɓa kibiyar nan ta manyan baƙaƙe tukuna, sannan ka danna B ka riƙe. Babbar za ta fito. In kuma ka ga riƙewar tana ci maka lokaci, shiga Preferences, can ƙasa akwai Key long press delay. A 300 yake zuwa, wato ƙasa da rabin daƙiƙa. Rage shi zuwa 200 ka gwada. Kada dai ka rage shi da yawa, don in yatsanka mai nauyi ne za ka riƙa samun ƙ a inda k kake so.

Ɗan Gidan Liman: Ni a ganina duk wannan wahala ce. Ku rubuta Hausa keyboard a Play Store, akwai su birjik waɗanda aka yi musamman don Hausa, ƙugiyoyin a fili suke, ba sai ka riƙe komai ba. Ni irinsa nake amfani da shi.

Auwalu Mai Gyaran Waya: Gaskiyarka a kan cewa maɓallin fili ya fi sauri ga mai dogon rubutu. Amma ka tuna lokacin da ka kunna shi, Android ta fito maka da gargaɗi cewa kibod zai iya tattara duk abin da ka rubuta, har da kalmar sirri da lambar kati. Ba wai ta gano wani mugun abu a jikinsa ba ne, kusan duk kibod da ka sauko da shi sai ta faɗi haka. Amma maganar gaskiya ce: duk abin da yatsanka ya taɓa, ta cikin kibod yake wucewa. To in ba ka san wanda ya ƙera shi ba, kuma da wannan wayar kake shiga banki, ka yi tunani. Ni abin da nake sa wa mutane Gboard ne ko Microsoft SwiftKey, shi ma yana da Hausa. Masu aikin rubutun harsuna kuma suna amfani da Keyman na ƙungiyar SIL.

Sannan ka duba haruffan da naka yake bayarwa. An kawo min waya da wani kibod wanda a madadin ɗ yake sa đ, mai sanda a gicciye. A ƙaramin rubutu ido ba ya bambancewa, amma harafin wasu harsuna ne daban. Ka ƙara girman rubutu ka duba: tamu kanta ne ya lanƙwasa, babu abin da ya gitta ta.

Ɗan Gidan Liman: Na duba, nawa daidai suke, masu lanƙwasar ne. Banki kuwa da wata wayar nake shiga. Zan ci gaba da abina.

Malam Habu: Malam Auwalu, ga wata sabuwa. Tun ɗazu nake gwaji. Haruffan suna fita, amma layin nan na sama da yake kawo kalmomi bai san da zamansu ba a wasu wuraren. Na rubuta "kasa" ina jiran ya kawo min "ƙasa" in taɓa, sai ya bar ta a "kasa". Na rubuta "fada", ya bar ta. To ina amfanin ƙamus ɗin da ya sauke?

Auwalu Mai Gyaran Waya: Malam, nan ne inda mutane da yawa suke karaya, kuma kai ka fi ni sanin dalilin. "Kasa" kalma ce mai zaman kanta, ya kasa zuwa. "Fada" kalma ce, fadar sarki. Haka "kafa" da "ƙafa", "bata" da "ɓata", "baki" da "baƙi", "kare" da "ƙare". Kibod ba ya gyara kalmar da take daidai a ƙamus ɗinsa. Iyakarsa ya jera maka 'yar'uwarta a gefe, wani lokacin ya kawo, wani lokacin bai kawo ba. A irin waɗannan tagwayen babu makawa, kai ne za ka riƙe maɓalli ka sa ƙugiyar da hannunka.

Inda zai taimake ka shi ne kalmomin da ba su da tagwai, irin su "ɗaya", "waɗanda", "ƙarƙashin", "muƙami". A nan ma akwai matsala, don rubutun Hausa da ke yawo a intanet mai yawa babu ƙugiya, kuma mu ma abin da muka saba bugawa ke nan. Kibod yana koyon abin da kake rubutawa ne, ba abin da ya kamata ka rubuta ba. In ka buga "daya" ka tura, ka sake bugawa ka tura, a wurinsa ka tabbatar masa cewa haka kalmar take.

Shi ya sa nake cewa makon farko shi ne komai. Ka daure ka rubuta kowace kalma cikakkiya da ƙugiyarta, ko da saƙon gaisuwa ne. In ya kawo maka "daya" a layin sama, danna ta ka riƙe, kwandon shara zai fito, ka ja ta ka jefa. Ba zai sake kawo ta ba sai in kai ka koma kana buga ta.

Maman Ilham: Ni ma tambayata ke nan. Na sa Hausa tun bara, amma har yau "wadanda" da "karkashin" yake kawo min, marasa ƙugiya, su ne ma a tsakiya. Ni kuma in na gan su sai in taɓa don sauri.

Auwalu Mai Gyaran Waya: Maman Ilham, duk taɓawar da kika yi ƙara musu ƙarfi kike. Naki ya bambanta da na Malam. Shi sabon kunnawa ne, bai koyi komai ba tukuna. Naki ya shekara yana koyon marasa ƙugiya, har daga lokacin da kike rubuta Hausa da kibod ɗin Turanci. Hanya biyu ce. Ko ki bi su ɗaya-ɗaya kina jefawa a kwandon shara duk lokacin da suka fito, ko ki share komai ki fara daga farko. Sharewar tana cikin saitin Gboard, a Privacy, sunanta Delete learned words and data. A tsofaffin Gboard a wani sashen take, amma sunan kusan ɗaya ne. Zai ba ki wata lamba ki rubuta don ya tabbatar da gaske kike.

Ki sani in kin share, ba munanan kaɗai za su tafi ba. Sunayen 'ya'yanki, gaisuwar da kika saba, kalmomin Turanci na wajen aikinki, duk zai manta. Kwana biyu za ki ji kamar wayar aro kike riƙe da ita.

Maman Ilham: A'a, ba zan iya share komai ba. Kaya nake sayarwa ta waya, ya san sunayen kayana duka. Zan bi su ɗaya-ɗaya.

Baba Sakkwato: Ku tsaya in kawo tawa, don ta hi ta Malam zahi. Ni ba ƙugiya ad damuwata ba. In na rubuta "munka", sai ya maishe ta "muka". In na rubuta "wanga", sai ya kawo wani abu can. Da ɗiyana nika magana, ba jarida nika rubutawa ba. Shin kibod ɗin na Kanawa ne su kaɗai?

Malam Habu: Baba, Allah ya ƙara girma. Daidaitacciyar Hausa ce a cikinsa, wadda ake buga littattafai da ita, kuma ta fi kusa da karin Kano. Amma ni ina ganin ba laifi ba ne ya gyara. Yaranmu sun fi karanta saƙon waya a kan littafi, in kowa ya rubuta yadda yake furtawa, ƙa'idar rubutu za ta wahala.

Baba Sakkwato: Malam, a aji ka koya musu ƙa'ida, ban hana ba. Amma "munka" ba kure ba ne, Hausa ce, da ita kakannina sunka yi waƙa da wa'azi. Wayata ce, ni ka hwaɗa mata abin da za ta rubuta.

Auwalu Mai Gyaran Waya: Baba, a ɓangaren waya kai ke da gaskiya, kuma gyaran yana da sauƙi. In ka rubuta "munka" ka taɓa tazara ya canja ta, kada ka goge duka. Taɓa maɓallin gogewa sau ɗaya tak, kalmarka za ta dawo yadda ka rubuta. In ba ta dawo ba, a duba Text correction a kunna Undo auto-correct on backspace. Ko kuma tun kafin ka taɓa tazara, ka kalli layin sama, abin da ka buga yana nan a gefe, ka taɓa shi. Kana yin haka 'yan lokuta zai karɓe ta, ya daina taɓa ta, daga baya ma ya riƙa kawo maka ita.

In ba ka son jira, akwai ƙamus naka na kanka. Bari in bi shi dalla-dalla da misalin Malam, tunda ya ambaci garuruwa, kai ma sai a yi maka haka da kalmominka.

A saitin Gboard a shiga Dictionary, sai Personal dictionary. Za a ga jerin harsuna, da All languages a sama. A zaɓi Hausa, a taɓa alamar +. Gurbi biyu ne. Na sama na kalmar, na ƙasa na taƙaitawa, kuma ba dole ba ne a cike shi. Malam, a na sama rubuta Ɓatagarawa da babbar ƙugiyarta. A na ƙasa rubuta `btg`. Ka ajiye ka fita. Yanzu a WhatsApp buga btg, za ka ga Ɓatagarawa a layin sama, ka taɓa. Haruffa uku sun ba ka goma, babu riƙe maɓalli.

Dabarar da na fi so ita ce a sa kalmar marar ƙugiya a matsayin taƙaitawar. A sama Haɗeja, a ƙasa `hadeja`. A sama Maraɗi, a ƙasa `maradi`. A sama waɗanda, a ƙasa `wadanda`. Yatsanka ya ci gaba da buga abin da ya saba, mai ƙugiyar tana jiranka a sama. Sharaɗin kawai ka riƙa taɓa ta, kada ka wuce ka tura marar ƙugiyar.

Malam Habu: Na gwada da Ƙanƙara ta jihar Katsina, ya yi. Amma yanzu da na zo rubuta ƙanƙarar ruwan sanyi, sai ya kawo min da babban baƙi.

Auwalu Mai Gyaran Waya: Saboda da babban baƙi ka ajiye ta. Ka shigar da su biyu, kowace da taƙaitawarta: garin ka ba shi `kkr`, ta ruwan ka ba ta `kankara`. Kuma kada ka yi wannan dabarar da tagwayen da muka ambata. In ka sa `kasa` ta zama taƙaitawar ƙasa, duk ranar da kake nufin "ya kasa" za ta tsaya maka a gaba, wata rana cikin sauri ka taɓa ta.

Wani abu kuma: kalmar da ka ajiye a ƙarƙashin Hausa, sai Hausa tana kunne take fitowa. Sunayen mutane da garuruwa da kake rubutawa ko a saƙon Turanci, ka sa su a All languages.

Issoufou Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ga mutanenmu na Nijar da wayarsu ke Faransanci, hanyar ɗaya ce: Langues, sai Ajouter un clavier. Mu da muka saba da AZERTY, a duba tsare-tsaren da yake nunawa kafin a gama, kada a ɗauki na farko kawai, in ba haka ba a da q za su sauya maka wuri, hannu ya rikice.

Tambayata ga Malam Habu: mu a makaranta ƴ aka koya muna, ƴaƴa, ƴanci. Ku kuma 'ya'ya kuke rubutawa. Tunda yanzu maɓallin y yana ba da ƴ, me zai hana ku dawo kanta? Harafi ɗaya ne, ya fi tsabta.

Malam Habu: Malam Issoufou, ƙa'idar da muke bi a Najeriya 'y ce, ita ce a littattafan ɗalibai, ita masu duba jarrabawa suka sani. Ba zan koya wa yaro abin da zai sa a ja masa jan biro ba. Na yarda taku ta fi sauƙin bugawa.

Auwalu Mai Gyaran Waya: Ba zan shiga tsakanin malamai ba, amma ga abin da ya shafi kibod. Ƴ harafi ce cikakkiya, to "ƴaƴa" kalma ɗaya ce a wurinsa, yana koyonta lafiya. Ita kuwa 'ya'ya da alama take farawa, kuma kibod ya saba ɗaukar alamar nan a farkon kalma a matsayin buɗe zance. Sai ka ga ya koyi guntun ya bar alamar farko a waje. Maganinta ƙamus na kai: a sama 'ya'ya, a ƙasa `yy`. A sama 'yan, a ƙasa `yn`. Kada a sa `yaya`, don ita ma kalma ce. Kowa dai ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai, in kana cakuɗawa zai koyi duka biyun ya riƙa kawo maka su a hargitse.

Issoufou Maraɗi: To kowa ya riƙe tasa. Amma ni ina ganin wata rana waya ce za ta raba gardamar nan, ba taron malamai ba.

Hajiya Turai: Auwalu ɗana, ni Hausa da Turanci nake haɗawa a saƙo ɗaya, haka aikin ofis yake. Sai in riƙa sauya harshe a kowace kalma?

Auwalu Mai Gyaran Waya: A'a Hajiya. Shiga Languages, taɓa Hausa, in akwai Multilingual typing ki kunna, ki sa wa Turanci alama. Zai riƙa kawo kalmomin harsunan biyu a layi ɗaya. Ki zauna a kan tsarin Hausa, don a nan ƙugiyoyin suke. Illarsa ita ce gajerun kalmominmu, su "da", "ta", "ina", "sun", suna kama da na Turanci, to wani lokacin zai karkata can. Ga mai haɗa harshe irinki ya fi. Ga Malam da yake rubuta Hausa zalla, ni zan ce ya kashe shi, kuma ya kashe Auto-correction gaba ɗaya ya bar Show suggestion strip a kunne. Kalmomin za su fito a sama, amma babu wadda za ta shiga rubutu sai ya taɓa ta.

Sadiya Zariya: Ni ban yarda a kashe gyaran ba. Yatsa yana zamewa, in babu mai gyarawa saƙo zai cika da kurakurai. Gara a bar shi a riƙa dawo da wadda ya ɓata.

Malam Habu: Kuskuren yatsa ina ganinsa in gyara. Wanda kibod ya canja kuwa kalma ce lafiyayya a ido, sai ɗalibi ya tambaya sannan in lura. Na kashe nawa.

Sakataren Ƙungiya: Jama'a ku taimaka, wata matsala ta ɓullo. Na bi bayanin nan jiya na sa Hausa. Yau na tura wa mambobinmu sanarwar taro ta tes, ba WhatsApp ba, don dattawa da yawa ƙananan wayoyi gare su. Saƙon da kullum yake tafiya a ɗaya, yau an caje ni uku a kan kowane mutum. Kuma mutum biyu sun kira sun ce akwatuna suka gani a tsakiyar kalmomi.

Auwalu Mai Gyaran Waya: Sakatare, ba cutarka aka yi ba, haka tsarin tes yake a ko'ina. Tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 in duk suna cikin tsohon jerin haruffan GSM. Ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba sa cikin jerin. Da zarar ɗaya tak ta shiga, saƙon gaba ɗaya yana komawa tsarin Unicode, inda tes ɗaya haruffa 70 ne kawai. In ya wuce 70 a yanka shi gida-gida, kowane gida 67, saboda ana cire wuri don bayanin da zai sake haɗa su a wayar mai karɓa.

Sanarwarka a ce haruffa 150 ce, da tazara da komai. Da, tana ƙasa da 160, tes ɗaya. Yanzu gida biyu 134 ne, bai isa ba, sai na uku. Ka ga inda ukun ta fito. Hotunan fuska ma haka suke yi wa saƙo, ba ƙugiya kaɗai ba. Manhajojin tes da yawa suna nuna ƙidaya kusa da maɓallin turawa, ka kalle ta kana rubutu, za ka ga lambar ta faɗi lokacin da ƙ ta shiga.

Akwatunan kuma daga wayar mai karɓa ne, ba ta da zanen harafin a cikinta. Saƙonka ya isa daidai, ita ce ba ta iya nuna shi ba, kuma babu abin da za ka gyara daga wajenka. In alamar tambaya suka gani a madadin akwati, to wannan daban: manhajar tes ɗinka ce ta tilasta saƙon cikin haruffan GSM, sai a duba saitinta. WhatsApp bai da wannan lissafin ko kaɗan.

Sakataren Ƙungiya: To in koma rubutu babu ƙugiya ke nan?

Auwalu Mai Gyaran Waya: A tes zuwa ƙananan wayoyi, eh, ni haka zan yi. Amma ka lura, in ka buga marasa ƙugiya da kibod ɗin Hausa, kana rushe abin da kake koya masa. Ka sauya zuwa Turanci, Multilingual typing a kashe, sannan ka rubuta sanarwar. Wannan yana rage cakuɗuwar. In kuma ka ga "daya" ta dawo layin sama, ka san hanyar kwandon shara.

Malam Habu: Ni dai ban so a ce a ajiye ƙugiya ba ko a tes. "Za a yi fada a fada" wa zai gane? Gara a taƙaita sanarwa zuwa haruffa 70.

Sakataren Ƙungiya: Malam, sallama da sunan ƙungiya kaɗai sun cinye rabin 70 ɗin. Kuma ko na taƙaita, akwatunan suna nan a wayar dattawa.

Maman Ilham: Wani abu da na lura: na gyara sunan wata mai sayen kayana a lambobin waya, na sa mata ƙugiya a farkon suna. Da na zo nemanta na buga k, ba ta fito ba, sai da na buga ƙ. Haka yake a wurin kowa?

Hajiya Turai: A tawa na gwada yanzu, ta fito da k ɗin.

Auwalu Mai Gyaran Waya: Ya danganta da manhajar. A wurin waya k da ƙ haruffa biyu ne mabambanta, kowace da lambarta, ƙ ita ce `U+0199`. Ba k ce da aka ɗora wa alama ba, irin é ta Faransanci da ake iya cire mata alamar a nemo ta da e. Wasu manhajojin an koya musu su haɗa su wajen bincike, wasu ba a koya musu ba. Maman Ilham, lambobin da kike nema cikin gaggawa ki bar su yadda yatsanki ya saba.

Malam Habu: Na shigar da kalmomi sun kai arba'in a ƙamus na kaina: garuruwa, sunayen ɗalibai masu ƙugiya, da kalmomin nahawu. In na canja waya fa, sai in sake daga farko? Kuma abokan aikina uku suna son irinsa.

Auwalu Mai Gyaran Waya: A cikin Personal dictionary, in ka buɗe harshen, taɓa ɗigo ukun nan na sama, akwai Export da Import. Na farkon zai fitar maka da ƙaramin fayil, ka ajiye shi a wani wuri ban da wayar. A sabuwar waya, ko a ta abokan aikinka, a yi Import a zaɓi fayil ɗin. Abin da ka shigar da hannunka ne kawai yake ciki, wanda kibod ya koya da kansa ba ya biyo shi. Kafin ka ba kowa, cire sunayen ɗaliban tukuna.

Baba Sakkwato: Jikata ta shigar min da munka da sunka da wanga, sun zamna. Malam Habu, in ka gama jerin naka ka turo, amma ka bar min nawa kalmomin yadda suke.

Malam Habu: In sha Allahu Baba, garuruwa da kalmomin da ba su da tagwai kawai zan sa a ciki. Malam Issoufou, kai sai ka canja 'ya'ya zuwa taku bayan ka shigar.